Yadda Ake Rubuta Bidiyon Neman Masu Kai Saƙo a Babur: Jagora Daga Tambayar Farko Zuwa Ranar Saki

Kamfanin kai saƙo da ke neman sababbin matuƙa babur yakan faɗa cikin kuskure guda tun kafin a kunna kyamara: sai ya yi bidiyon da ya dace da kwastoma, alhali ma'aikaci yake nema. Za ka ga an nuna kwali mai kyau, an nuna wata Hajiya tana murmushi a ƙofar gida tana karɓar kaya, murya tana cewa "muna kai saƙo cikin sauri da amana", sai can a ƙarshe a liƙa "muna ɗaukar ma'aikata". Matashin da ke zaune a majalisa a Kurna ko Dorayi, wanda ya iya babur kuma yake neman abin yi, ba abin da wannan ya gaya masa. Shi tambayoyinsa daban ne, kuma a jere suke a ransa: nawa zan samu, babur ɗin na waye, wa zai sayi mai, idan wani abu ya faru a titi wa zai tsaya mini, sannan wannan aikin na gaskiya ne ko 'yan damfara ne. Aikin rubutun gaba ɗaya shi ne amsa waɗannan cikin minti ɗaya, da bakin wanda zai yarda da shi.

Domin maganar ta zauna a ƙasa, za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce ƙaramin kamfani ne a Kano, ofishinsa a wajen Zoo Road, yana da babura goma sha biyu a kan titi, ya sayo takwas sababbi, yana neman mutum takwas. Yawancin aikinsa ɗaukar kaya ne daga Kantin Kwari da Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Centre, da kuma gidajen mata masu sayar da atamfa, turare da abinci ta waya, a kai wa masu saye a unguwanni. Duk alƙaluman kuɗin da za su biyo baya na misali ne. Kai naka za ka ɗauko daga littafin kamfaninku.

Mataki na farko: zauna da mai kamfani kafin ka rubuta komai

Kada ka fara da tunanin hoto ko kiɗa. Ɗauki takarda ka je wurin wanda ke biyan albashi, ka sa shi ya ba ka amsa a rubuce. Wane tsarin biya ake yi? A wannan sana'a tsari uku ne suka fi yawa. Akwai albashin wata tare da ƙarin kuɗi a kan kowane saƙo, babur na kamfani. Akwai wanda mutum zai zo da babur ɗinsa a riƙa raba kuɗin kowane saƙo da shi. Akwai kuma wanda za a ba shi babur yana kawo balas kullum ko kowane mako, har ya gama biya babur ya zama nasa. Kowanne da irin mutumin da yake ja. Idan kamfaninku yana yin biyu daga ciki, a yi bidiyo biyu. Cusa su a bidiyo ɗaya yakan sa mai kallo ya ɗauki daɗin wannan ya haɗa da daɗin wancan, ya zo ofis da tsammanin abin da babu shi.

Daga nan sai maganar mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda ke neman abinci da babur ya san mai ne ke cinye riba. Albashin da bai faɗi wanda zai sayi mai ba, a kunnen matuƙi ba albashi ba ne tukuna. Haka baƙin mai, faci, sabis, da katin waya da data, tunda aikin duka a waya ake yinsa. Ka tambayi abin da ake yi idan kaya ya lalace ko ya ɓace a hanya, da wanda ke biyan kuɗin asibiti idan an yi haɗari, da ko akwai inshora a kan babur. Ka tambayi lokacin fita da na tashi, da ranar hutu, da yadda ake yi ranar Juma'a da lokacin azumi.

Wani lokaci mai kamfani zai ce a bar wannan sai mutum ya zo. Ni a ganina a nan ne ya kamata marubuci ya tsaya da ƙafarsa. Abin da kamfani ke jin nauyin faɗa a bidiyo, shi ne abin da zai sa sabon ma'aikaci ya ajiye makulli bayan mako biyu, kuma a lokacin an riga an kashe kuɗin horar da shi, an ɗinka masa riga, ya san kwastomomi. Idan sharaɗin yana da nauyi, kamar cire wani abu daga albashi idan kaya ya ɓace da sakaci, gara a samo hanyar faɗarsa a fili cikin mutunci, ko a bidiyo ko a saƙon farko da za a tura wa mai nema.

Mataki na biyu: fitar da adadin da za ka iya tsayawa a kai

Wannan shi ne ƙashin bayan rubutun, don haka bari mu daɗe a kai.

A misalinmu, kamfanin yana biyan naira 45,000 a wata, da naira 200 a kan kowane saƙon da aka kai, ana aiki kwana 26. Mai kamfani zai so a ce "kana iya samun har naira 117,000 a wata", domin akwai ma'aikacinsa guda, gwani, wanda ya san lungunan cikin gari, yana kai saƙo 14 a rana. Lissafin gaskiya ne: 14 sau 26 ya ba da 364, sau 200 ya zama 72,800, a haɗa da albashi ya kama 117,800. Amma mutum ɗaya ne cikin goma sha biyu. Idan ka buɗe littafin watanni uku da suka wuce, za ka iya tarar da cewa matsakaicin ma'aikaci saƙo 8 yake kaiwa a rana, wato 208 a wata, kuɗinsu 41,600, jimilla 86,600. Sabon shiga kuwa, wanda ke tsayawa yana kiran kwastoma sau uku kafin ya gane kwatance, zai fara ne da kamar 5 a rana: 130 a wata, 26,000, jimilla 71,000.

To wanne za a sa? A faɗi tsarin kansa, sannan a faɗi abin da yawancin ma'aikata ke samu: "Albashi dubu arba'in da biyar, da ɗari biyu a kan kowane saƙo. Yawancinmu muna tashi da dubu saba'in zuwa tamanin da biyar a wata." Wanda ya ji wannan zai yi lissafinsa da kansa, ya kwatanta da abin da yake samu a yanzu, ko da tuƙin Adaidaita Sahu bayan ya cire balas da mai. Zai kuma kwatanta da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, domin adadi ne da kowa ya ji a rediyo. Wanda ya zo bayan ya yi wannan lissafin, ya zo da niyyar zama.

Kalmar "har" ita ce abar gudu. "Har dubu ɗari da kaza" tana kawo kira da yawa a ranar farko, amma mutanen da ta kawo su ne ke fara ƙorafi a ƙarshen wata, kuma ƙorafin matuƙa babur yana yawo da sauri, a wurin mai faci, a gidan mai, a wurin mai shayi. Bidiyonku na gaba zai tarar da labarin ya riga shi isa.

Idan kamfani ya ƙi a faɗi adadi sam, to aƙalla a faɗi tsari da ranar biya: ana biyan kuɗin saƙo kowace Asabar, albashi ƙarshen wata, ta banki. Ga mai iyali, sanin ranar da kuɗi zai shigo yana da nauyi kusan kamar sanin yawansa.

Mataki na uku: zaɓi wanda zai yi magana

Mutum biyu sun isa. Na farko ma'aikaci ne na gaske wanda ya kai aƙalla wata shida a kamfanin. Na biyu manaja ko wanda ke rarraba aiki a ofis, wato wanda mai nema zai tarar idan ya zo. Ma'aikacin shi zai ɗauki kaso mafi yawa na maganar, domin matuƙi ya fi yarda da ɗan'uwansa matuƙi. Daga yadda mutum yake ɗaure hular kwano da yadda yake dafa ƙafa a ƙasa ake gane wanda ya saba da babur, kuma masu kallonku ba za a ruɗe su a nan ba. Ɗan wasan kwaikwayo ko mai barkwanci na iya jawo masu kallo da yawa, amma yawancinsu dariya suka zo yi, ba aiki suke nema ba.

Ka zauna da ma'aikacin kamar rabin awa, ka kunna rikoda a waya, ka tambaye shi yadda ya shigo, abin da ya fi ba shi wahala a makon farko, da abin da zai gaya wa ƙaninsa idan yana son shiga. Daga bakinsa za ka tsinci jimlolin rubutun. Idan ya ce "mai ba ruwanka, kamfani ke zubawa", ka bar ta haka, kada ka mayar da ita "kamfani ne ke ɗaukar nauyin samar da man fetur". Ka kuma nemi yardarsa a rubuce cewa za a yi amfani da fuskarsa, a faɗi inda za a saka bidiyon da tsawon lokacin, a ba shi wani abu na musamman saboda wannan. Ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi.

Mataki na huɗu: rubutun kansa

Minti ɗaya ya wadatar, kuma zai shiga WhatsApp status da TikTok da Facebook ba tare da an yayyanka shi ba. Mai magana da Hausa cikin natsuwa yakan yi kamar kalma biyu a daƙiƙa, saboda haka kana da kalma 120 zuwa 140 kacal. Raba takardarka gida uku: lokaci, abin da ido zai gani, abin da kunne zai ji. Ga yadda na misalinmu zai kasance.

Daƙiƙa 0 zuwa 5. Hoto: ma'aikaci zaune a kan babur a tsaye, da rigar kamfani, hular kwano a hannu, akwatin kaya a baya, yana kallon kyamara. Rubutu a allo: ANA NEMAN MATUƘA BABUR 8 A KANO. Murya: "Ɗan'uwa, ka iya babur, ka san Kano? Muna neman mutum takwas, aikin kai saƙo."

Daƙiƙa 5 zuwa 20. Hoto: yana karɓar kaya a bakin shago, yana sawa a akwati, yana kullewa. Adadin kuɗi ya fito a allo yayin da yake faɗa. Murya: "Albashi dubu arba'in da biyar a wata, da ɗari biyu a kan kowane saƙo. Yawancinmu muna tashi da dubu saba'in zuwa tamanin da biyar. Kuɗin saƙo duk Asabar ake biya."

Daƙiƙa 20 zuwa 32. Hoto: ana zuba mai a tanki, sannan bakanike yana duba babur. Murya: "Babur na kamfani ne. Mai, gyara, hular kwano da data, duk ba ruwanka. Idan tsautsayi ya faru a bakin aiki, kamfani ke biyan asibiti."

Daƙiƙa 32 zuwa 40. Hoto: yana tafe a titi da hula a kai, sannan ya tsaya yana goge gumi yana shan ruwa. Murya: "Aikin akwai rana, akwai ƙura, akwai jiran kwastoma. Takwas na safe zuwa shida, Lahadi hutu."

Daƙiƙa 40 zuwa 52. Hoto: manaja a ƙofar ofis, allon kamfani yana bayyana a bayansa. Sharuɗɗa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Murya: "Ka zo da lasisin tuƙin babur, lambar NIN, waya mai WhatsApp, da mutum biyu da za su tsaya maka. Ba ma karɓar ko sisi na fom."

Daƙiƙa 52 zuwa 60. Hoto: lamba da adireshi sun cika allo, ba sa motsi. Murya: manaja ya karanta lambar da bakinsa, ya ce "Turo kalmar AIKI ta WhatsApp, ko ka zo ofis kafin ranar kaza."

Yanzu ga dalilin da ya sa aka jera shi haka. Daƙiƙa biyar na farko ba su da sallama mai tsawo, ba tambarin kamfani yana juyawa, ba tarihin kafuwa. Mai kallo yana gungura waya da babban yatsa, idan bai ji an kira shi ba zai wuce. Jimlar farko ta faɗi wanda ake nema, garin, da yawan gurbi. Sunan garin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: bidiyon Hausa yana tafiya har Zariya, Jos, Maraɗi da Agege, kuma idan ba a ce Kano ba tun farko, rabin saƙonnin da za ku samu daga mutanen da ba za su iya zuwa ba ne.

Sashen da ke faɗin wahalar aikin, daƙiƙa takwas ɗin nan, shi ne wanda masu kamfani suka fi son a cire, kuma shi na fi so a bari. Duk wanda ya taɓa ratsa cunkoson Kantin Kwari da rana tsaka a watan Afrilu ya san aikin ba hutu ba ne. Idan bidiyo ya faɗi haka da kansa, sauran abin da ya faɗa game da kuɗi sai ya ƙara kama da gaskiya. Kuma yana sallamar wanda ba zai jure ba tun kafin ya ɓata muku lokaci.

Jimlar asibiti kuwa, kada a sa ta sai idan kamfani ya amince a rubuce kuma ya taɓa aikatawa. Alkawari ne da za a zo nema a ranar da mutum yake kwance, iyalinsa na tsaye a kansa. Idan abin da kamfani ke yi shi ne biyan rabi, a ce rabi.

Kalmomi irin su "dama ta musamman", "canza rayuwarka", "zama ubangidan kanka" a bar su. Su ne harshen da masu tallan bogi ke amfani da shi, kuma kunnen matasa ya riga ya haɗa su da damfara. Haka kiran mai kallo da "kai yaro" ko yi masa wa'azin zaman banza. Da yawa cikin waɗanda kuke nema magidanta ne, wasu tsofaffin 'yan acaɓa ne da suka shekara suna ciyar da gida da babur kafin gwamnatin Kano ta hana haya da shi a Janairun 2013. "Ɗan'uwa" daga bakin matuƙi, "Malam" daga bakin manaja, sun isa.

Wannan tarihin na hana acaɓa yana da wani tasiri a rubutun. Tambayar da za ta zo wa mai kallo a Kano ita ce ko 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗura za su riƙa tare shi. Idan akwai sarari, a ƙara gajeriyar jimla cewa baburan suna da lamba da cikakkun takardu, kaya kawai ake ɗauka, ba fasinja. Idan kamfanin yana da lasisin aikin kai saƙo daga hukumar gidan waya ta NIPOST, wadda ita ke ba da shi, a nuna takardar a bangon ofis a bayan manaja. Idan lokaci ya ƙure, wannan bayani ya koma saƙon farko na WhatsApp.

Mataki na biyar: gwada shi da baki kafin ranar ɗauka

Ba wa ma'aikacin takardar, ka kunna agogon waya, ya karanta da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala, a sake ta yadda shi zai faɗa. Idan ya wuce minti ɗaya, a rage kalmomi, kada a ce ya ƙara sauri. Daga nan ka karanta wa mutum biyu ko uku da ba su san kamfanin ba, irin waɗanda kuke nema, ka tambaye su: nawa ake biya, wa ke sayen mai, me za ka yi idan kana so? Wanda ya kasa amsa ɗaya ya nuna maka inda rubutun ya yi rauni.

Ba sai ya haddace duka ba. A ɗauka jimla-jimla, kana faɗa yana maimaitawa da kalmominsa, tunda za a sa hotunan aiki a tsakani su rufe wuraren yanka.

Mataki na shida: ranar ɗauka

Waya mai kyamara mai kyau ta isa. A riƙe ta a tsaye, ma'aunin 9:16, wato 1080 a 1920. Abin da ya fi kashe irin wannan bidiyo sauti ne, ba hoto ba. Ƙarar janareta, hon na Adaidaita da iskar hunturu suna cinye murya, kuma adadin kuɗin da ba a ji sosai ba ya zama abin gardama. A sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, a ɗauki duk maganar a wuri mai shiru kamar harabar ofis da sassafe, injin babur a kashe. Hotunan titi a ɗauke su daban ba tare da magana ba. Hasken safe kafin tara ko na bayan la'asar ya fi kyau; da tsakar rana hular kwano takan jefa inuwa ta rufe fuska.

Duk inda babur ke tafiya a bidiyon, hula tana kai a ɗaure, hannu biyu a kan kan babur, ba waya a kunne, ba goyo, ba ratse tsakanin motoci, ba bin hannun da ba nasa ba. Abin da kuka nuna shi ne abin da kuka ce wa sabon ma'aikaci ya halatta. Mai ɗaukar hoto ya tsaya a gefen titi, ko ya zauna a cikin mota, kada ya hau bayan wani babur yana juyowa. A kasuwa kuma a nemi izinin mai shago da shugabannin layi kafin a ɗaga waya. Kada takardar da ke jikin kaya ta fito da sunan kwastoma da lambarsa. A naɗa kwalin gwaji da takarda marar komai. Ƙofar gidan mutane da fuskar matan gida ba su da abin yi a bidiyon neman ma'aikata.

Wajen haɗawa, a sa rubutun Hausa a ƙasan hoto na duk abin da ake faɗa, domin da yawa suna kallo ne sauti a kashe. A duba cewa salon harafin da aka zaɓa yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ daidai, don wasu kan mayar da su akwati. Rubutu ya tsaya a tsakiyar allo, saboda TikTok yana rufe ƙasa da gefen dama da nasa alamomin. Kiɗa, idan za a sa, ya yi ƙasa sosai, kuma kada a ɗauko waƙar wani ba izini.

Mataki na bakwai: ƙofar da mai nema zai shigo

Lamba ɗaya tak za a bayar. Lamba uku da imel da fom na intanet suna raba hankali. Lambar WhatsApp guda ta kamfani, wadda mutum ɗaya ke kula da ita, ta tsaya a allo aƙalla daƙiƙa shida. A ƙarƙashin bidiyon a sa mahaɗin da zai buɗe hira kai tsaye da kalmar a rubuce, lambar ta fara da 234 ba tare da sifilin farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=AIKI
```

Dalilin da ya sa manaja zai karanta lambar da bakinsa, kuma allon ofis ya fito a bayansa, shi ne 'yan damfara. Abu ne mai sauƙi wani ya sauke bidiyonku, ya liƙa tasa lambar a kan taku, ya riƙa karɓar "kuɗin fom" ko "kuɗin riga" daga masu nema. Rubutu ana iya rufe shi, amma murya tana da wuyar canzawa. Jimlar "ba ma karɓar ko sisi" ita ma kariya ce ga talakan da zai iya ranto dubu biyar ya tura wa ɓarawo da sunanku. Ranar rufewa ta fito da wata da shekara, domin bidiyo yakan ci gaba da yawo watanni bayan an cike gurbi.

A shirya amsar farko tun kafin a saki bidiyon. Ta ƙunshi gaisuwa, tsarin biya a rubuce, sharaɗin ɓatan kaya, da tambayoyi kaɗan: suna, unguwa, shekara nawa kana tuƙa babur, kana da lasisi? A bar mutum ya amsa da saƙon murya idan ya fi masa sauƙi. Gwanin titi ba lallai ya zama gwanin rubutu ba. Kada a nemi hoton katin NIN ko bayanan banki ta waya a wannan mataki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin abin da ya tara, kuma neman su da wuri yana kama da salon 'yan damfara. A gan su ido da ido a ofis.

Wurin saki mafi amfani shi ne wayoyin ma'aikatanku na yanzu. Su sa a status, su tura zaurukan unguwa da na abokai. Mutumin da ya zo ta hannun ma'aikaci ya riga ya yi masa tambayoyin da bidiyo bai amsa ba, kuma samun mai tsaya masa ya fi sauƙi. Idan za a biya kuɗin talla a Facebook, a taƙaita shi ga Kano da kewaye.

Yadda za ka gane inda ya karkace

Yawan masu kallo ba shi ne ma'auni ba. A buɗe littafi a rubuta abu huɗu: waɗanda suka turo saƙo, waɗanda suka cika sharaɗi, waɗanda suka zo ofis, da waɗanda suke nan bayan wata ɗaya. Kowane giɓi tsakanin waɗannan yana nuna wani sashe na rubutun.

Idan ana kallo amma ba a turo saƙo, ko dai kuɗin bai kai ba, ko ƙarshen bidiyon bai fito da abin da za a yi ba. Idan masu kira kwastomomi ne suna tambayar nawa ake kai kaya Hotoro, daƙiƙa biyar na farko sun yi kama da tallan kasuwa. Idan saƙonni sun yi yawa amma yawancinsu ba lasisi, a matso da sharuɗɗan gaba, ko kuma kamfani ya yanke shawarar taimaka wa wanda ya ci gwajin tuƙi ya yi lasisin, a faɗi hakan a bidiyo. Idan kowa tambaya ɗaya yake maimaitawa, misali ko ana tafiya da babur gida da dare, wannan jimla ce da ta ɓace, a ƙara ta. Idan sun yi alkawarin zuwa ba su zo ba, sau da yawa maganar masu tsaya musu ce ta tsorata su, sai a bayyana wane irin mutum ake karɓa, ko mai unguwa, ko ɗan kasuwa mai shago, ko ma'aikacin gwamnati, da abin da sa hannunsa ya ɗora masa.

Idan kuwa sun zo, sun fara, sun tafi kafin wata ya cika, a kira biyu ko uku daga cikinsu a tambaye su abin da suka tarar wanda ya saɓa da abin da suka ji. Amsarsu za ta koma kan ɗaya daga cikin jimlolin kuɗi, mai ko lokacin tashi. A gyara jimlar idan ita ce ta yi ƙari, ko a gyara tsarin kamfanin idan shi ne ya gaza, sannan a sake ɗaukar wannan sashe kaɗai kafin a saki bidiyon a karo na biyu.